Ƙugun yaro mai shanyewar ƙwaƙwalwa: abin da hannu ba ya ji, hoto ke nunawa

Lalurar shanyewar ƙwaƙwalwa, wadda wasu ke kira galahanga, rauni ne da ke samun ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwarsa. Raunin kansa ba ya ƙaruwa. Yadda ya faru haka yake tsayawa. Jikin yaron ne ba ya tsayawa, domin ƙashi na tsawo kullum, tsoka kuma dole ta bi shi, ga shi umarnin da take samu daga ƙwaƙwalwa ya gurɓace. Shi ya sa yaron da aka haifa da gaɓoɓi lafiya ƙalau zai iya kai shekara goma ƙugunsa ya goce, dugadugansa ba sa taɓa ƙasa, bayansa ya karkace, alhali babu wani sabon abu da ya sami ƙwaƙwalwarsa.

Abubuwa uku ne ke faruwa a ƙafar irin wannan yaro, kuma a ido duk kama ɗaya suke yi, wato ƙafa ta yi tauri. Na farko ƙagewa ce, tsoka na ɗaurewa saboda saƙon da jijiya ke aiko mata ya yi yawa. Na biyu gajarcewa, tsokar ce da kanta ta kasa girma daidai da ƙashi. Na uku sauyin siffar ƙashin da gaɓar. Kowanne da maganinsa, kuma maganin ɗaya ba ya aikin ɗaya. Mafi yawan ɓarnar da ake yi wa yaran nan daga cakuɗa ukun take fitowa, kuma babu inda hakan ya fi fitowa fili kamar a ƙugu.

Yadda ƙugu ke zamewa

Gaɓar ƙugu dunƙulallen kan ƙashin cinya ne zaune a cikin gurbi a jikin ƙashin ƙugu. A jariri yawancinta guringuntsi ne, kuma siffarta ba ta gama samuwa ba. Tsayuwa da tafiya ne ke ƙera ta. Lokacin haihuwa wuyan ƙashin cinya a miƙe yake sosai, kuma a murɗe yake zuwa gaba da digiri 30 zuwa 40. Idan yaro ya fara takawa, nauyin jiki da jan tsokokin gefen ƙugu su ke lanƙwasa wuyan a hankali, murɗewar ta ragu har ta sauko wajen digiri 15 a babban mutum, kan ƙashin kuma ya yi ta danna tsakiyar gurbin yana zurfafa shi.

Yaron da bai taka ba, wannan aikin bai samu ba. Wuyan ƙashin ya zauna a miƙe, yana nuna bakin gurbi maimakon tsakiyarsa. A lokaci guda tsokokin matsematsi, masu haɗe cinyoyi, da tsokar da ke naɗe cinya zuwa ciki, suna ja ba hutawa, su kuma tsokokin da ya kamata su buɗe cinya ba su da ƙarfi. Kan ƙashin sai ya dinga turin leɓen gurbi ta sama da baya, leɓen ya baje, gurbin ya zama marar zurfi, kan ya ci gaba da fita. Abu ne na watanni da shekaru, ba na dare ɗaya ba.

A lura da cewa dalilai biyu na ambata, rashin takawa da raunin tsoka a gefe guda, ƙagewa a ɗaya gefen. An daɗe ana ɗora laifin duka a kan ƙagewa. Sai dai yaran da jikinsu a sake yake lagab, babu ƙagewa ko kaɗan, su ma ƙugunsu na zamewa idan ba sa tafiya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sassauta tsoka ba zai wadatar ba.

Abin da ya fi hasashen haɗarin shi ne yadda yaro ke motsi. A 1997 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada suka fito da ma'aunin da ake kira GMFCS, mai matakai biyar. Na mataki na ɗaya yana tafiya ba tare da wani cikas na kirki ba. Na biyu yana tafiya amma hawa bene da doguwar hanya na ba shi wuya. Na uku sai da abin dogarawa a hannu. Na huɗu yawanci a keke yake, na biyar kuwa ko riƙe kai da zama ba ya iyawa sai an tallafe shi. Wani bincike da aka buga a 2006 a kan yaran jihar Victoria ta Ostireliya ya gano cewa kashi 35 cikin ɗari na dukkan yaran ƙugunsu ya zame. Da aka raba su mataki-mataki, babu ko ɗaya a mataki na ɗaya, kashi 15 a na biyu, 41 a na uku, 69 a na huɗu, 90 a na biyar. Wato a cikin yara goma da ba sa iya zama da kansu, tara ne ƙugunsu zai zame.

Babbar matsalar ita ce zamewar ba ta da ciwo a farkonta, kuma hannun likita ba ya jin ta. Za a iya buɗe cinyoyin yaro su buɗu sarai, alhali kusan rabin kan ƙashin na waje. Kafin uwa ta lura cewa wanke matsematsi ya yi wuya, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ko yaro na kuka idan an ɗaga shi, sau da yawa aikin ya riga ya yi nisa.

Awon Reimers

Hanyar ganewa ɗaya ce, hoton ƙashin ƙugu daga gaba, da awo mai sauƙi da wani likitan ƙasar Denmark, Jørgen Reimers, ya bayyana a 1980. Ana jan layi a kwance ta tsakiyar gurabun biyu, inda guringuntsin girma yake. Sannan a ja wani layi a tsaye daga ƙarshen leɓen gurbi na waje. Duk abin da ya tsallake wannan layi na tsaye daga kan ƙashin cinya, a waje yake. Sai a auna faɗin abin da ya fita, a raba shi da faɗin kan gaba ɗaya, a ninka da ɗari. Idan faɗin kan milimita 25 ne, milimita 5 suka fita, awon kashi 20 ke nan. Ƙasa da 30 ana ɗaukarsa a matsayin ƙugu na zaune. Daga 30 (a Suwidin 33 suke amfani da shi) an shiga haɗari. Ya wuce 40, da wuya ya koma da kansa, kuma a nan ake fara maganar tiyata. Ɗari kuwa ƙugu ya goce gaba ɗaya.

Awon na da sharaɗi, kuma a nan ake yawan kuskure. Dole a kwantar da yaro rigingine, ƙafafu a jere, ba a haɗe ba, ba a buɗe ba, ƙoƙon gwiwa na kallon sama. Idan aka bar cinyoyi suka harɗe, awon zai fi gaskiya muni. Idan aka buɗe su, kan ƙashin zai koma ciki, hoton ya ba da kwanciyar hankalin ƙarya. Yaron da cinyarsa ba ta miƙewa ana sa masa matashi a ƙarƙashin ƙafafu don ƙugun ya kwanta daidai. Ko an kiyaye duk wannan, mutum biyu kan iya auna hoto ɗaya su bambanta da 'yan maki. Don haka tashi daga 24 zuwa 27 ba labari ba ne. Hoto guda ba ya faɗin komai sosai, jerin hotuna ne ke nuna inda aka dosa.

Daga nan aka sami tsarin sa ido. A 1994 likitoci a kudancin Suwidin suka fara shirin da ake kira CPUP, inda ake rajistar kowane yaro mai wannan lalura, mai gashin ƙashi ya riƙa auna gaɓoɓinsa a kai a kai, a kuma ɗauki hoton ƙugu bisa jadawali, ba sai an ga alama ba. Rahoton shekaru ashirin da Gunnar Hägglund da abokan aikinsa suka fitar a 2014 ya nuna cewa gocewar ƙugu gaba ɗaya ta sauko daga kashi 8 cikin ɗari zuwa rabin kashi ɗaya. Ba wata sabuwar tiyata suka ƙirƙiro ba. Tiyatar da aka sani suka yi a kan lokaci. Norway da Denmark da Scotland sun ɗauki tsarin, Ostireliya ma ta fitar da nata ƙa'idojin a 2008.

Jadawalin ya ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ginshiƙinsa ɗaya ne. Hoton farko kusan shekara biyu da haihuwa, ko da zarar an tabbatar da lalurar. Yaran mataki na uku zuwa na biyar aƙalla sau ɗaya a shekara, wasu tsare-tsaren ma duk wata shida ga 'yan mataki na huɗu da na biyar a ƙananan shekaru, domin a lokacin ne zamewar ta fi gudu. 'Yan mataki na biyu hoto kaɗan ya ishe su, na ɗaya kuma binciken hannu ya wadatar muddin babu abin da ya canja. Akwai rukuni guda da ke kuɓucewa wannan lissafi: yaron da ɓari ɗaya ya shanye, yana tafiya, amma cinyar ɓarin tana naɗewa tana murɗewa ciki, ƙugu ya ɗaga. Irinsa ƙugunsa kan zame a makare, wajen balaga, don haka ana sake duba shi.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka yarinya ce 'yar mataki na huɗu. Lambobin misali ne, amma haka tafiyar kan kasance. Tana da shekara biyu, hotonta ya nuna faɗin kan ƙashin hagu milimita 20, 4 a waje, kashi 20. Cinyoyinta na buɗuwa digiri 45 kowanne gefe. Babu abin yi sai ci gaba da gashi, da tsayar da ita a abin tsayuwa, da dawowa hoto.

A shekara uku ƙafafunta sun fara harɗewa kamar almakashi duk lokacin da aka ɗaga ta, sa mata nafkin ya zama kokawa. Mai duba ta ya yi gwajin da ke raba ƙagewa da gajarcewa. Ya buɗe cinyar da sauri, sai ya ji ta cije a digiri 15. Ya sake buɗewa a hankali a hankali, sai ta tafi har digiri 40. Wannan tazarar ta digiri 25 ita ce ƙagewa, domin ƙagewa da saurin ja take tashi: tsoka ta ji an ja ta da gaggawa, laka ta mayar da umarnin ɗaurewa, ƙwaƙwalwar da ya kamata ta tausasa umarnin kuma ba ta yi. Inda aka tsaya da jan hankali, digiri 40, shi ne ainihin tsawon tsokar. Wannan gwajin Tardieu ke nan. Da ma'aunai biyun sun zo kusan ɗaya, da sai a ce tsokar ta gajarce, kuma babu allurar da za ta ƙara mata tsawo.

Tunda tazarar na da yawa, aka yi mata allurar botulinum a tsokokin matsematsi. Maganin na toshe sinadarin da jijiya ke saki don ta umarci tsoka, yana fara aiki cikin 'yan kwanaki, ya ɗauki wata uku zuwa huɗu. Ƙafafu suka yi laushi, wanka ya yi sauƙi, barci ya gyaru. Amfani ne na gaske, kuma bai kamata a raina shi ba. Amma a nan tarkon yake, domin kowa a gidan zai ji kamar an shawo kan ƙugun. Hoton shekara uku ya ba da 7 cikin 24, kashi 29. Bayan wata shida, ƙafafun na nan da sauran laushinsu, hoton ya ba da 9 cikin 25, kashi 36.

Wannan ba abin mamaki ba ne. A 2008 Kerr Graham da abokan aikinsa a Ostireliya suka buga sakamakon gwajin da aka yi wa yara allurar botulinum duk wata shida har shekara uku, haɗe da takalmin gyara mai buɗe cinyoyi. Ragin saurin zamewar da aka samu ƙanƙane ne ƙwarai, yaran suka ci gaba da buƙatar tiyata, masu binciken da kansu suka ce ba su ba da shawarar hanyar don kare ƙugu ba. Haka yake ga sauran hanyoyin rage ƙagewa. Ƙwayar baklofen da dayazifam na sassauta jiki duka, amma suna kawo barci da kasala. Akwai famfon da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ciki yana ɗiga baklofen kai tsaye cikin ruwan laka, wanda ke taimakon yaran da jikinsu duka ya ƙage, sai dai idan bututunsa ya toshe ko maganin ya ƙare ba a cika ba, yankewar kan jawo zazzaɓi mai zafi da sandarewar da ke iya kisa. Akwai kuma tiyatar yanke wani kaso na rassan jijiyoyin ji a ƙasan laka, wadda ke rage ƙagewa har abada, kuma ta fi dacewa da zaɓaɓɓun yara masu tafiya da ke da ƙarfin tsoka a ƙarƙashin ƙagewar. Babu ɗaya daga cikinsu da ke sauke wa yaro wajibcin hoton ƙugu. Botulinum ɗin ma ba ruwa ba ne: yawan maimaita shi na ramar da tsoka, kuma idan ya bazu a jikin yaro mai matsalar haɗiya ko numfashi yana da haɗari.

Mu koma ga yarinyar. Kafin ta cika huɗu awon ya kai 39, buɗuwar cinya a hankali ta sauko digiri 30. Yanzu gajarcewa ta shigo. Aka yi mata tiyatar sakin tsokokin matsematsi ta 'yar ƙaramar tsaga: a yanke igiyar da ke haɗa doguwar tsokar matsematsi da ƙashi, da siririyar tsokar da ke gangarawa gwiwa, a saki ta naɗe cinya, a ɓangarorin biyu ko da ɗaya ne ya fi muni, domin in aka saki gefe guda kawai ƙafafun kan kwanta su fuskanci gefe ɗaya, ɗaya ƙugun ya shiga haɗari. Awon ya sauko 28, ya zauna haka kusan shekara biyu.

Ya kamata a gaya wa iyaye gaskiya tun kafin wannan aiki. Wani bincike na 2012 daga Melbourne, a kan yara 330, ya nuna cewa sakin tsokokin matsematsi ya wadatar ga kashi 94 na 'yan mataki na biyu, 49 na mataki na uku, 27 na mataki na huɗu, 14 kacal na mataki na biyar. Ga yarinya irin wannan, mafi rinjaye aikin jinkiri yake saya, ba waraka ba. Jinkirin na da daraja, domin tiyatar ƙashi a yaro ƙarami sosai ta fi saurin warwarewa yayin da yake girma. Wasu likitocin kan tsallake wannan mataki ga 'yan mataki na huɗu da na biyar, su jira su yi aikin ƙashi sau ɗaya. Ina ganin kowanne ɓangare na da hujja, muddin ba a ɗauki sakin tsoka a matsayin ƙarshen magana an daina hoto ba.

A shekara shida awon ya koma 14 cikin 32, kashi 44, leɓen gurbi kuma ya fara bajewa. Yanzu matsalar ta ƙashi ce. Aikin shi ne a yanke ƙashin cinya a ƙasan wuyansa, a lanƙwasa wuyan, a warware murɗewar, a ɗan rage tsawon ƙashin don tsokoki su sami sarari, a ɗaure da ƙarfe da kusoshi. Sannan a tsaga ƙashin ƙugu a saman gurbi, a tanƙwaro rufin ƙasa ya rufe kan ƙashin, a cusa guntun ƙashin da aka cire daga cinya ya tokare shi, kamar yadda ake yi a aikin Dega. Babbar tiyata ce. Ana zubar da jini, ciwon huhu da gyambon kwanciya na iya biyo baya, ƙashin yaran da ba sa takawa kuma ba shi da ƙwari. Shi ya sa ake gyara abincin yaro da farfaɗiyarsa da numfashinsa kafin a shiga. Amma idan aka yi ta kan ƙashin na nan a dunƙule, sakamakon na da kyau kuma yana daɗewa.

Da ba a yi mata ko hoto ɗaya ba fa? Watakila sai tana shekara goma sha biyu za a kawo ta, ƙugu a goce, kan ƙashin ya lotse, guringuntsinsa ya cinye saboda gugar tsokoki. Mayar da irin wannan kai cikin gurbi ba ya kawar da ciwo. Abin da ya rage shi ne ayyukan ceto, kamar yanke saman ƙashin cinya a cire, kuma sakamakonsu ba shi da tabbas. Ba kowane ƙugu da ya goce ke ciwo ba, amma da yawa suna yi, kuma yaron da ba ya magana ba shi da hanyar faɗa sai kuka da ƙin abinci da rashin barci.

Ƙarin tsawon agara da haɗarinsa

Cakuɗa abubuwa ukun nan, ƙagewa da gajarcewa da sauyin ƙashi, tana da wata fuska a yaran da ke tafiya, kuma a nan wuƙar likita ce da kanta ke iya yin ɓarnar. Yaro na tafiya a kan yatsu, diddige a sama, kowa na ganin agara ce ta gajarce, a ƙara mata tsawo. Aikin minti kaɗan ne, ana iya yin sa ta 'yan huji a fata, washegari ƙafa ta kwanta a ƙasa, kowa ya yi murna.

Abin da ba a gani shi ne ƙara wa agara tsawo raunana tsoka ne. Tsokar yaron nan daman ƙarama ce, gajera, ba ta da ƙarfi. Ba ita aka tsawaita ba, igiyar da take ja aka sassauta, kuma baka in tsirkiyarsa ta yi sako-sako ba ya harba kibiya. Tsokar sha-raɓa kashi biyu ce da suka haɗu a agara. Ta sama ta tsallake gwiwa, ta ƙasa daga ƙwauri ta taso. Ta ƙasan ita ce ke riƙe ƙwauri kada ya faɗa gaba idan mutum ya taka, kuma wannan riƙon ne ke sa gwiwa ta miƙe. A yaran da lalurar ta shafi ƙafafu biyu, galibi ta saman ce ta gajarce, ta ƙasan lafiyarta lau. Wanda ya tsawaita agara ya sassauta duka biyun. Bayan shekara biyu ko uku, musamman idan girman balaga ya zo nauyi ya ƙaru, ƙwauri ya fara faɗawa gaba, gwiwa ta lanƙwashe, yaro ya koma tafiya a tsugune. Gwiwoyi su yi ciwo, gajiya ta yi yawa, wasu har su bar tafiya. Tafiyar ɗage in ta dawo ana iya sake gyara ta. Agarar da ta yi tsawo fiye da kima kuwa mayar da ita abu ne mai matuƙar wuya.

Wani bincike na 2001 da ya bi yara 134 shekara biyar zuwa goma bayan an yi musu aikin tsawaita agara ko tsokar sha-raɓa shi kaɗai ya sami kashi 42 da sakamako mai kyau, kashi 22 ɗagen ya dawo, kashi 36 kuma tsawon ya wuce kima. Waɗanda suka fi faɗawa wannan rukuni na ƙarshe su ne masu lalurar ƙafafu biyu ko jiki duka, da waɗanda aka yi wa aikin ba su wuce shekara takwas ba.

Gwajin da ke kare yaro daga wannan ya haura shekara ɗari ko kusa, na likitan Suwidin Nils Silfverskiöld. Ana ɗaga tafin ƙafa sama gwiwa a miƙe, sannan a sake gwiwa a lanƙwashe. Idan da gwiwa a miƙe ƙafar ta tsaya digiri 15 ƙasa da daidai, amma da aka lanƙwasa gwiwa ta wuce daidai da digiri 10, to ta saman ce kaɗai ta gajarce. Aikin da ya dace shi ne a hau sama a tsakiyar sha-raɓa a saki tantanin ta saman kawai, irin aikin Strayer, a bar ta ƙasan da ƙarfinta. Idan a duka yanayin biyu ƙafar ba ta ɗagowa, kamar yadda aka fi gani a yaran da ɓari ɗaya ya shanye, to duka biyun sun gajarce, kuma tsawaita agarar kanta na iya zama daidai. Ana maimaita gwajin bayan an sa yaro barci a ɗakin tiyata, domin a lokacin ƙagewa ta kwanta, abin da ya saura shi ne gajarcewa ta gaskiya.

Akwai ma yaran da ke tafiya a kan yatsu alhali idon sawunsu daidai yake. Gwiwa da ƙugu ne a lanƙwashe, sai diddige ya ɗaga dole. Wanda ya kalli ƙafa kawai zai yanke agara, ya jefa yaron cikin tsuguno kai tsaye. Wannan ne dalilin da ya sa ake kallon tafiyar daga gefe, a ɗauke ta a bidiyo a rage gudu, ko a ɗakin awon tafiya inda akwai shi, kafin a yanke shawara.

A da akan yi wa yaro agara bana, bayan gwiwa baɗi, ƙugu shekara mai zuwa, kowane aiki na tono matsalar da ke sama da shi. Likita Mercer Rang na Toronto ya yi suka a kan wannan, yana nuni da yaran da ke cika kowace shekara a asibiti ko cikin filasta. Yanzu abin da aka fi bi shi ne a riƙe yaro da gashi, takalmin gyara, filastar miƙarwa da allura inda ta dace, har tafiyarsa ta zauna, galibi tsakanin shekara shida zuwa goma sha biyu, sannan a gyara duk matakan a zama ɗaya, tsoka da ƙashi tare. Farfaɗowa daga wannan kan ci shekara guda ko fiye ana gashi, kuma tafiyar kan fara lalacewa kafin ta gyaru, abin da ya kamata iyali su sani tun da wuri.

Wannan jiran na gyaran tafiya ne, bai shafi ƙugu ba. Ƙugun da awonsa ke hawa ba a jira da shi sai yaro ya kai wasu shekaru. Bayan an yi masa tiyata ma hoto na ci gaba har ƙashi ya gama girma, domin a 'yan mataki na huɗu da na biyar bayan kan fara karkacewa wajen balaga, ƙashin ƙugu ya ɗaga ta gefe ɗaya, kuma ƙugun gefen da ya ɗaga na iya sake zamewa ko da an taɓa gyara shi.